Manhajojin rubuta sirrin zuciya a waya: yadda suke aiki da yadda ake kulle abin da aka rubuta

A da, wanda yake rubuta abin da ke ransa a littafi ya san inda hatsarin yake. Idan ya jefa littafin cikin akwati ya sa kwado, ya rataya mabuɗin a wuyansa, magana ta ƙare. Yau wannan littafi ya koma cikin wayar salula, kuma mutane da yawa suna ɗaukar cewa lambar sirrin da manhaja take tambaya kafin ta buɗe ita ce kwadon. Gaskiyar al'amarin ita ce rubutu ɗaya yana iya zama a wurare uku a lokaci guda, kowane wuri da irin kullensa, kuma wanda ya kulle ɗaya ya bar biyu a buɗe bai tsare komai ba. Wannan bayani ya duba yadda waɗannan manhajoji suke aiki, da wuraren da rubutun yake zama, da matakan da mai rubutu zai bi ya tabbatar da cewa shi kaɗai ne yake karanta abin da ya rubuta.

Manhajojin iri biyu ne

Iri na farko shi ne na dogon rubutu, wanda ya gaji littafin takarda. Mutum yana buɗe shafi ya rubuta abin da ya faru da shi da abin da yake tunani, ya haɗa da hoto ko muryarsa idan ya so. Daga cikin sanannun irin wannan akwai Day One, wadda ta fito a 2011, kamfanin Automattic ya saye ta a 2021, da kuma Journal, wadda kamfanin Apple ya saka wa wayoyin iPhone a watan Disambar 2023.

Iri na biyu shi ne na bibiyar yanayin zuciya, wanda ba ya buƙatar dogon rubutu. Manhajar Daylio misali ce: tana nuna fuskoki biyar, daga ta matuƙar farin ciki zuwa ta matuƙar ƙunci, mutum ya taɓa wadda ta dace da shi, sannan ya zaɓi abubuwan da ya yi a ranar, kamar aiki, barci, ziyarar dangi ko motsa jiki. Bayan makonni sai manhajar ta jera sakamakon a jadawali, ta nuna ranakun da zuciya ta fi nauyi da abubuwan da suka yawaita a cikinsu. Wayoyin iPhone ma suna da irin wannan a cikin manhajar Health, ƙarƙashin sashen State of Mind, tun 2023.

Amfanin rubuta damuwa ba sabon batu ba ne a wajen masana halayyar ɗan Adam. A 1986 James Pennebaker da Sandra Beall sun wallafa binciken da suka sa ɗalibai rubuta abin da ya fi taɓa zuciyarsu na minti 15 a kowace rana, kwana huɗu a jere, kuma daga nan aka yi ta bincike a kan wannan hanya. Sharaɗin da ke ƙarƙashinta shi ne mutum ya faɗa wa kansa gaskiya. Wanda yake tsoron kada mijinta, ko matarsa, ko abokin aiki ya karanta, zai riƙa tauna magana kafin ya rubuta, kuma rubutun da aka yi da ɗari-ɗari ba ya nuna wa mai shi komai. Shi ya sa batun kulle yake cikin ainihin aikin manhajar.

Kulle na farko: ƙofar manhaja

Wannan shi ne kullen da kowa ya sani: lamba, zanen yatsa ko fuska da ake nunawa kafin manhaja ta buɗe. Aikinsa shi ne tare wanda ya riƙe wayar tana buɗe, kamar yaron da aka ba shi ya yi wasa, ko ɗan uwan da ya ari wayar zai kira wani. A gidajen da waya ɗaya take zagaya hannu da yawa, wannan kulle ne ake fara buƙata.

Ana samunsa ta hanyoyi biyu. Wasu manhajojin suna da nasu a cikin saitinsu, kamar `Lock Journal` a manhajar Apple, ko lambar sirrin Daylio da ta Day One. Idan manhajar ba ta da shi, wayar kanta tana iya samar da shi. A iPhone mai iOS 18, wanda ya fito a Satumbar 2024, ana danne tambarin manhajar na ɗan lokaci a zaɓi `Require Face ID`. Wayoyin Samsung suna da `Secure Folder`. Wayoyin Tecno, Infinix da itel da yawa suna da `App Lock`. Android 15 kuma ya zo da `Private space`, wani keɓaɓɓen sashe da ake saka manhajoji a ciki, ko da yake ba kowace waya ce take da shi ba.

Raunin wannan kulle yana wuri ɗaya da mutane ba su cika lura da shi ba. A wayoyi da yawa, idan fuska ko yatsa suka ƙi karɓuwa, wayar tana komawa ta nemi lambar buɗe allo. Ke nan duk wanda ya san lambar buɗe wayar ya san ta buɗe kundin. Fiye da haka, wanda ya san wannan lamba yana iya shiga saiti ya ƙara nasa yatsan a jerin yatsun da wayar ta amince da su, daga nan ya riƙa shiga ba tare da an sani ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a duba jerin yatsun da ke cikin saitin tsaro, a ƙirga su, a goge wanda ba a san shi ba. Wanda kuwa dole ne iyalinsa su san lambar wayarsa, to ya zaɓi kullen da ke karɓar lamba ta daban. `Secure Folder` da `Private space` duka suna ba da wannan dama, haka ma manhajojin da suke da tasu lambar.

Kulle na biyu: wayar kanta

Ƙofar manhaja ba ta taɓa rubutun da ke ajiye a cikin ma'ajiyar waya, tana dai rufe hanyar zuwa gare shi ne ta kan allo. Abin da yake kare rubutun idan an sace wayar, ko aka jona ta da kwamfuta, shi ne wani tsari da wayar take bi ta ɓad da kamar duk abin da aka ajiye, ta mayar da shi tarin alamomi marasa ma'ana waɗanda ba sa komawa rubutu sai da mabuɗi. Wayoyin iPhone suna yin haka da zarar an saka lambar buɗe allo, kuma an wajabta shi a kan sababbin wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama.

Mabuɗin yana ɗaure ne da lambar buɗe allo, don haka ƙarfinsa ƙarfin lambar ne. Lamba mai alƙalami huɗu tana da yiwuwar haɗi 10,000, mai alƙalami shida kuwa tana da 1,000,000. Amma wannan lissafi yana aiki ne kawai idan lambar ba mai saukin zato ba ce. Shekarar haihuwa, ƙarshen lambar waya, 1234 da 0000 su ne farkon abin da mai nema zai gwada, kuma na gida ya fi ɓarawon titi sanin su. Zanen da ake ja da yatsa a kan ɗigo tara yana da nasa aibin: ana iya haddace shi daga nesa, kuma maiƙon yatsa yakan bar sawunsa a kan gilashi.

A Najeriya akwai wani wurin da wannan kulle yake yawan karyewa, wato teburin mai gyara. Wanda ya kai waya Kwamfuta Bilej a Ikeja, ko Baneks a Abuja, ko Fam Santa a Kano, sau da yawa za a ce ya bar lambarsa don a gwada allo ko lasifika bayan gyara. Ba sai mai gyaran ya kasance da mugun nufi ba, wayar tana iya kwana a shago ta ratsa hannun yaran shago uku ko huɗu. Wayoyin Samsung na baya-bayan nan suna da `Maintenance mode`, na Pixel kuma suna da `Repair mode`, waɗanda suke ɓoye bayanan mai waya su bar mai gyara ya gwada abin da zai gwada. Wanda wayarsa ba ta da wannan, ya tsaya a gwada a gabansa, ko ya ajiye kwafin kundinsa a wuri amintacce ya cire manhajar kafin ya miƙa wayar.

Kulle na uku: kwafin da ke intanet

Wannan shi ne wanda ba a gani, kuma shi ne mafi girma. Yawancin manhajojin suna aika kwafin rubutu zuwa wani rumbu a intanet, domin kada ya salwanta idan waya ta ɓace. Tambayar da ya kamata a yi ita ce: wa yake riƙe da mabuɗin wannan kwafi?

Amsoshin uku ne. Akwai manhajar da take barin komai a cikin wayar, sai idan mai ita ya ce a ajiye kwafi a asusunsa na Google Drive ko iCloud. Daylio a wannan layi take, kuma a nan tsaron kwafin ya rataya ne a kan tsaron wannan asusu. Akwai wadda take ajiye rubutu a rumbun kamfaninta, a kulle, amma mabuɗin yana hannun kamfanin. Irin wannan tana iya rubuta cewa bayananka suna `encrypted`, kuma ba ta yi ƙarya ba, sai dai ma'aikacin kamfanin da ke da izini, ko ɗan kutsen da ya shiga rumbun da mabuɗinsa, ko hukumar da ta zo da umarnin kotu, duk suna iya kaiwa ga rubutun. Sannan akwai wadda take kulle rubutun tun a cikin wayar kafin ya fita, da mabuɗin da kamfanin bai taɓa gani ba. Wannan shi ne ake rubutawa `End-to-end encryption`. Day One tana da shi, haka ma Journal ta Apple idan wayar tana da lambar buɗe allo kuma asusun yana da tabbaci mai mataki biyu.

Akwai gwajin da mutum zai yi da tunani kawai. Ya tambayi kansa: idan na rasa wayata, na manta kalmar sirrina, me zai faru? Idan saƙon imel guda ɗaya ya isa kamfanin ya mayar masa da dukan rubutunsa a sabuwar waya, ba tare da neman wani mabuɗi ko tsohuwar na'ura ba, to alama ce mai ƙarfi cewa mabuɗin yana wajen kamfanin. Manhajar da take kullewa tun daga waya takan ba mutum dogon mabuɗi ta ce ya adana shi, ko ta nemi izinin ajiye masa shi a asusunsa na iCloud ko Google Drive, ta kuma gargaɗe shi cewa idan ya ɓace ba mai iya dawo da rubutun. Wannan gargaɗi mai ban tsoro shi ne shaidar cewa kullen na gaske ne.

Abin da ya faru inda aka yi sakaci

A 2020 aka gano cewa an kutsa rumbun Vastaamo, wani kamfanin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙasar Finlan, an kwashe bayanan zaman da dubban marasa lafiya suka yi da masu ba su shawara. Da kamfanin ya ƙi biyan fansa, sai mai kutsen ya koma yana aika wa mutanen saƙo ɗaya bayan ɗaya, yana neman kuɗi ko ya tona asirinsu. A watan Afrilun 2024 kotu ta ɗaure Aleksanteri Kivimäki shekara shida da wata uku a kan wannan laifi. Vastaamo ba manhajar kundi ba ce, amma darasin ya shafi kowane rumbu da aka tara sirrin mutane a cikinsa a yanayin da za a iya karantawa.

Wani lokacin kuma ba kutse ba ne, ciniki ne. A watan Maris na 2023 hukumar kula da harkokin ciniki ta tarayyar Amurka ta sanar da cewa manhajar BetterHelp za ta biya dala miliyan 7.8, bisa zargin miƙa bayanan masu amfani da ita ga kamfanoni irin su Facebook da Snapchat don talla, bayan ta yi alkawarin riƙe sirri. Kafin nan, wani bincike da mujallar JAMA Network Open ta wallafa a 2019 ya bi diddigin manhajoji 36 na ciwon damuwa da na barin shan taba, ya gano 29 daga ciki suna aika bayanai zuwa Google ko Facebook, amma 12 kawai suka bayyana haka daidai a takardar sharuɗɗansu. Ko da ba a aika rubutun kansa ba, sanin cewa mai wannan waya yana buɗe manhajar damuwa kowane dare bayani ne mai daraja a kasuwar talla.

Kafin a sauke manhaja, ana iya duba sashen `Data safety` a Google Play ko `App Privacy` a App Store, inda ake lissafa bayanan da take tattarawa da waɗanda take rabawa. Sai dai a tuna cewa mai manhajar ne yake cike wannan sashe da kansa. Manhajar kundi da take nuna talla a kowane shafi, ko take neman izinin ganin lambobin da ke cikin waya ko saƙonnin tes, ta ba da dalilin a guje ta, domin rubuta tunani ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu.

A ɓangaren doka, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta sanya bayanin lafiyar mutum cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman. Ta ba mutum haƙƙin neman sanin abin da aka tara a kansa da neman a goge shi, kuma ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, inda ake kai ƙorafi. Amma yawancin waɗannan manhajoji na kamfanonin ƙasashen waje ne, kuma sirrin da ya riga ya fita ba ya komawa ko an ci tarar wanda ya fitar da shi. Rigakafin yana hannun mai waya.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki misalin ma'aikaciyar jinya da take aikin dare a wani asibiti a Abuja. Tana so ta gane dalilin da ya sa wasu ranakun take wayar gari da ƙunci, sai ta sauke manhajar bibiyar yanayi a wayarta ta Android. 'Ya'yanta biyu sun san lambar buɗe wayar domin suna kallo a cikinta, kuma ƙaninta ne ya buɗe mata asusun Google shekarun baya, da lambar layin da ta daina amfani da shi.

Idan ta saka wa manhajar lamba ta tsaya a nan, ta rufe ƙofa ɗaya ce kawai. Ƙaninta ya san kalmar sirrin asusun, don haka yana iya sauke manhajar a tasa wayar, ya shiga da asusunta, ya janyo kwafin da aka ajiye. Tsohon layin kuma, idan ya daɗe ba a amfani da shi, kamfanin sadarwa yana iya sayar da shi ga wani, kuma saƙon sake kalmar sirri wajen wannan baƙon zai riƙa zuwa.

Saboda haka daga asusun za ta fara. Za ta canza kalmar sirrin zuwa doguwa wadda ba ta amfani da ita a ko'ina, ta cire tsohon layin ta saka na yanzu, ta kunna `2-Step Verification`, sannan ta duba jerin na'urorin da suke cikin asusun ta fitar da duk wadda ba tata ba. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda goma, kowace ana amfani da ita sau ɗaya, za ta rubuta su a takarda ta ajiye tare da takardun makarantarta. Bayan haka sai wayar: ta mayar da lambar allo mai alƙalami shida, ta duba jerin yatsu. Tunda yaran za su san wannan lamba, manhajar za ta samu tata lambar daban, ko a saka ta cikin `Secure Folder` ko `Private space` idan wayar tana da su. Daga ƙarshe sai ta gwada da kanta: ta buɗe manhajar, ta fita, ta miƙa wa kanta wayar kamar baƙuwa, ta ga ko za ta sake neman lamba nan take ko sai bayan mintoci. Idan akwai zaɓin lokaci, ta zaɓi na nan take.

A ce ta yi kwana 28 tana saka maki sau ɗaya a rana, a lokaci guda, daga 1 zuwa 5. A ce kwana 8 da suka biyo bayan aikin dare sun tara maki 18, sauran kwana 20 kuma sun tara 72. Matsakaicin na farko 2.25 ke nan, na biyu 3.6. Wannan tazara ta isa ta sa ta lura, amma ba ta tabbatar da cewa aikin daren ne sanadi ba, domin a ranakun ne kuma take rasa barci, take cin abinci a makare, take rasa zama da yaranta. Jadawalin yana nuna inda za a duba, mai shi ce za ta gwada ta gani, misali ta gyara lokacin barcinta a wata mai zuwa ta sake kwatantawa.

Idan ta so nuna wa likita sakamakon, a nan wata kafa take buɗewa. Manhajojin suna fitar da bayanai a fayil irin `CSV` ko `PDF`, kuma wannan fayil ba ya ɗauke da kullen manhajar. Yana sauka cikin `Downloads`, inda duk wanda ya buɗe wayar zai karanta shi. Idan ta tura shi ta WhatsApp, kwafi ya zauna a wayarta, wani a ta likitan. Abin da ya fi shi ne ta nuna jadawalin a kan allo a ɗakin ganin likita. Idan dole ne a fitar da fayil, ta goge shi bayan an gama, ta kuma duba kwandon shara na manhajar fayiloli, domin abin da aka goge yakan zauna a can na wasu kwanaki.

Ƙananan kafofin da rubutu yake zurarewa

Barna ba ta cika shigowa ta babbar ƙofa ba. Saƙon tunatarwa da ke fitowa a kan allo a kulle yana sanar da duk wanda ke kusa cewa akwai kundi a wayar, wasu manhajojin ma sukan nuno tsohon rubutu ko hoto na rana irin ta yau a bara. Ana kashe wannan a saitin sanarwa. Hoton allo da aka ɗauka na wani shafi yana tafiya cikin hotunan waya, daga nan ya hau Google Photos ko iCloud, inda kullen manhajar ba ya kaiwa. Jerin manhajojin da aka buɗe kwanan nan yakan nuna shafin ƙarshe da aka bari, don haka a duba ko manhajar tana dushe shi.

Allon rubutu ma yana koyon kalmomin da aka saba rubutawa, har ya riƙa kawo suna ko kalmar da aka yawaita a kundi a lokacin da wani yake rubuta saƙo da wayar. Ana iya goge kalmomin da ya koya a saitinsa. Wayar ofis kuwa, ko wadda aka ɗora mata tsarin kulawar ma'aikata, ba wurin ajiye kundin sirri ba ce ko da wane irin kulle, domin ba mai riƙe da ita ne yake da cikakken iko a kanta ba.

Idan mabuɗin ya ɓace

Kulle mai ƙarfi yana da farashi. Kundin da kamfani ba ya iya karantawa, kamfani ba ya iya dawo da shi. Wanda ya kunna irin wannan kulle ya rubuta mabuɗin a takarda, harafi bayan harafi, ya sake karantawa ya tabbatar, ya ajiye shi nesa da wayar. Ɗaukar hotonsa da wayar da ake so a kare daidai yake da barin mabuɗi a jikin kwado. Haka kuma abin da ke cikin `Private space` ba ya bin mutum zuwa sabuwar waya da kansa, don haka kafin a canza waya ko a wanke ta, a tabbatar an ajiye kwafin kundin, an kuma gwada buɗe shi a sabuwar kafin a rabu da tsohuwar. Wanda zai daina amfani da manhaja ya sani cewa cire ta daga waya ba ya goge abin da ke rumbun kamfani. Sai an shiga saitin asusu an nemi a goge asusun da abin da ke cikinsa, sannan a cire manhajar.

Akwai kuma yanayin da kulle kansa yake jawo fitina. Wanda yake zaune da mai bincika masa waya da ƙarfi, ko mai tilasta masa buɗe ta, sabuwar lambar sirri tana iya zama sanadin rikici, kuma ana iya ɗora yatsan mai barci a kan waya. A irin wannan hali ya fi aminci a kashe buɗewa da yatsa, a taƙaita abin da ake rubutawa, a bar sunayen mutane, ko a ajiye kundin a wurin da ba wannan wayar ba.

Iyakar abin da manhaja take iyawa

Jadawalin yanayin zuciya ba ya gano cuta. Abin da yake yi shi ne riƙe tarihin da ƙwaƙwalwa take mantawa, domin mai ƙunci yakan ga kamar kullum a haka yake, mai walwala kuma yakan manta makon da ya sha wuya. Ma'aunin da likitoci suke lura da shi shi ne ƙunci ko rashin sha'awar abubuwan da aka saba jin daɗinsu, kusan kowace rana, na tsawon mako biyu ko fiye, musamman idan ya taɓa barci, cin abinci ko aiki. Wanda jadawalinsa ya nuna haka, lokacin ganin likita ya yi, ko a babban asibitin da ke kusa ko a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna, Maiduguri, Kware a jihar Sakkwato, Yaba a Legas da Aro a Abekuta. Wanda kuwa ya ga tunanin cutar da kansa ya fara shiga rubutunsa, kada ya jira mako biyu: ya faɗa wa wanda ya amince da shi a ranar, ya je asibiti, ko ya kira lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Kullen da aka yi bayani a nan na hana idon da ba a gayyata ba ne, mai rubutun yana da ikon buɗe shafin da ya ga dama ga likita ko aminin da ya zaɓa.